Littafin sabulu: guda 200, kafin alƙalami da ranar karɓa

Asabar, 1 ga Nuwamba, 2025

Yau na buɗe oda. Sabulun wanka ne na man kaɗanya, guda 200 kacal, an kasa shi ƙunshi 50, kowane ƙunshi guda huɗu a kan naira 6,000. Mai so zai ba da rabi yanzu, wato 3,000, cikon kuma sai ranar da na ce kaya sun yi. Zan rufe karɓa ranar Asabar 15 ga wannan wata, ko kuma ranar da hamsin ɗin suka cika, duk wanda ya riga. Ranar fara raba kaya ita ce Asabar 17 ga Janairu, 2026.

Na san me za a ce: wata biyu da rabi a kan sabulu? Ga yadda kwanakin suka tafi. Mako biyu na tara oda. Mako guda na sayen mai da shirya shi. Mazubi ɗaya gare ni na katako, yana fitar da guda 56 a zubi ɗaya, kuma sai sabulu ya kwana biyu a ciki kafin in cire shi in yanka, don haka zubi huɗu zai ci daga 22 zuwa 30 ga Nuwamba. Daga nan sai shanya ta mako shida a inuwa. Ana fara ƙidaya makonnin ne daga ranar da aka yanka zubi na ƙarshe, ba daga ranar da mutum ya turo kuɗi ba, kuma a nan ne na sha rigima bara. Mako shida daga 30 ga Nuwamba ya kai 11 ga Janairu. Sauran kwana shidan na naɗewa ne da liƙa suna.

Zubi huɗu guda 224 ne. Na sayar da 200 na bar 24 a gefe, saboda kullum akwai na bakin mazubi da ke fitowa a karkace, da wanda gefensa ke ɓantarewa wajen yanka.

Batun kafin alƙalami. Naira 3,000 sau hamsin 150,000 ke nan, kuma da su zan sayi mai, soda, turare da takardar naɗi, in biya yarinyar da ke taya ni. Riba tana cikin cikon. Duk wanda kuɗinsa ya shigo zan ba shi lamba, daga 1 zuwa 50, bi da bi. “Ki ajiye min biyu” ba ta kama lamba, ko da kuwa yayata ce ta faɗa. Kowane sabulu ba zai gaza giram 105 ba ranar karɓa. Kuɗin mota ko na mai babur yana kan mai kaya, ba ya cikin 6,000 ɗin.

Talata, 4 ga Nuwamba

Ƙunshi 19 sun tafi. Tambayar da ta fi yawa ita ce: in na fasa fa?

Da farko na rubuta cewa wanda ya fasa bayan an sayo mai, kuɗinsa ya tafi. Maigida ya karanta ya ce in dakata, ya kai wa malamin da suke ɗaukar karatu wurinsa bayan Magariba. Amsar da ya dawo da ita: a mazhabar Malikiyya, sharaɗin cewa mai kaya zai riƙe kafin alƙalami in mai saye ya fasa ba ya halatta, ko da yake Hanbaliyya sun yarda da shi. Na goge nawa na sake.

Yanzu ga yadda yake. Wanda ya fasa kafin 15 ga Nuwamba, a ranar zan mayar masa da kuɗinsa cif. Wanda ya fasa bayan nan ma kuɗinsa na nan, sai dai sun riga sun zama mai a cikin tukunya, don haka zai jira har wani ya karɓi lambarsa, in ba a samu ba kuma zan biya shi ranar 17 ga Janairu, ba zai wuce ba. Idan ni ce na makara fiye da mako guda, zaɓi na mai kuɗi ne: ya jira, ko ya karɓi abinsa nan take. Wanda kuma aka sanar da shi kaya sun yi ya yi mako biyu bai cika ba, ƙunshinsa zai koma hannun mai jiran layi, a mayar masa da 3,000 ɗinsa.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

An cika hamsin jiya da daddare, saura kwana uku wa'adi ya cika. Mutum bakwai suna layin jira, kuma ban karɓi ko sisinsu ba. Mutum biyu sun turo kuɗi bayan na rufe, na mayar musu da safe. Ɗaya ta ji haushi, ta ce ai ƙara guda huɗu ba wani abu ba ne. A wurinta guda huɗu ne, a wurina zubi na biyar ne da wasu kwana biyu a kan wa'adin kowa.

Abin da ya fi ba ni wahala makon nan ba sabulu ba ne, gane kuɗi ne. Mace za ta yi oda da sunanta, kuɗi kuma su shigo da sunan mijinta ko na mai shagon cirar kuɗi na unguwarsu. Alat uku na 3,000 suka yini ba mai su. Daga yanzu ba na ba da lamba sai na ga hoton rasit.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

Kaya sun haɗu. Man kaɗanya kilo takwas ya iso daga Bida, hannun matar da na saba saye wurinta. Kaɗanya kayan damina ce, ana tsintarta tun daga farkon ruwa, don haka na wannan lokacin sabon mai ne. A ƙarshen Agusta gwamnatin tarayya ta hana fitar da ɗanyen ƙwaron kaɗanya waje har wata shida, na yi ta sa ran mai zai sauka sosai. Nawa dai bai hau ba, na gode Allah. Alayyadi da manja kilo shida shida, soda kuma daga Sabon Gari.

Man kaɗanya na gargajiya sai an narka an tace shi da yadi. Abin da ya rage a yadin yau ya kai cikin cokali biyu na baƙin tsaki da ɗan gawayi. Manja kuma na ɗora shi a tsakar gida har jansa ya fita, domin in aka zuba shi yadda yake, kumfar na fitowa ruwan ɗorawa ta ɓata farin tawul.

Ga ma'aunin zubi ɗaya, ga masu tambaya me ke ciki. Mai kilo biyar ne: kaɗanya giram 2,000, alayyadi 1,500, manja 1,500. Kowane mai da yawan sodar da yake ci, shi ya sa ba a auna wannan aiki da gwangwani ko da ido. Giram ɗaya na kaɗanya yana cin soda 0.128, na alayyadi 0.176, na manja 0.142. In aka lissafa: 256 da 264 da 213, jimla 733. Wannan ita ce sodar da za ta cinye man ƙaƙaf. Ni ba na so ta cinye duka, don haka nake rage kashi biyar cikin ɗari, ya zama giram 696. Ɗan man da ya tsira shi ne ke sa sabulu bai busar da fata ba, kuma shi ne kariya idan sikeli ya ɗan yi ƙarya. Ruwa ninkin soda, giram 1,390. Turare giram 100. Duka ya haura kilo bakwai kaɗan, in an cire abin da ke maƙalewa a tukunya sai ya ba da 56 masu giram 125.

Alayyadi shi ne mai kumfa, manja shi ne mai tauri, kaɗanya kuma laushi. Wanda ya cika alayyadi don ya ga kumfa tana tashi, da hunturu masu sayensa za su yi ta susa.

Litinin, 24 ga Nuwamba

Na yanka na farko, na zuba na biyu. Ya fito sumul, launin madara, wuƙa na shiga kamar a tuwon madara da ya huce. Na ɗauki guda uku na yi musu alama da tsinke, su zan riƙa aunawa duk Litinin. Yau kowanne 125.

Juma'a, 28 ga Nuwamba

Zubi na uku ya lalace, kuma laifina ne.

Shekaranjiya wuta ta zo wajen ƙarfe huɗu na asuba, bayan kwana biyu ba a gan ta ba. Injin kaɗawa na hannu sai da wuta, sai na tashi a guje. Ruwan soda na haɗa shi tun dare, ya kwana a baranda cikin sanyin da ya fara saukowa. Man na narka shi, amma na tsaya neman safar hannu da tabarau, ya huce. Ban sa ma'aunin zafi ba. Ina zuba ruwan sodar mai sanyi, ko minti guda ba a yi ba abin ya yi kauri, na ce Alhamdu lillahi yau da wuri, na juye a mazubi.

Ashe ba kaurin sabulu ba ne. Man kaɗanya yana narkewa ne a kusan zafin jikin mutum, in ya sauka ƙasa da haka sai ya fara daskarewa. Ruwan sanyi ya taɓa shi ya kama jikinsa, ni kuma na ɗauka soda da mai ne suka haɗu. Da na kula da na gane, domin kaurin gaske santsi gare shi da sheƙi kamar koko mai kyau, in ka ɗiga shi a sama zai bar layi. Wannan kuwa dishi-dishi ne da tsaki-tsaki, kamar kunun gyaɗa da ya kwana.

Yau da na buɗe mazubi, mai ya kwanta a sama. Na yanka sai ga ƙananan ramuka a ciki, wasu na tsatso ruwa. Wannan ruwan soda ce da ba ta sami mai ba, in ta taɓa fata ƙuna ce. Na jiƙa yatsa na shafa gefen wani na ɗan taɓa harshe, ya tsikare ni kamar an sa batir. Ba wanda zan ba wannan ya yi wanka. Zan goge shi a magogi in dafa shi a sake haɗa shi, ya zama na wankin gida.

Na zuba na huɗu yau da rana tsaka, mai da ruwan soda duka a wajen digiri 40, ma'auni a hannuna.

Lahadi, 30 ga Nuwamba

Na huɗu ya yi kyau. Yanzu guda 168 gare ni. Na ware takwas masu aibi, saura 160, ƙunshi 40 ke nan. Guda 24 ɗin da na bari a gefe ba su isa toshe ramin zubi guda ba. Sai an sake, kuma man kaɗanya ya ƙare. Akwai shi a kasuwa nan cikin gari, amma na taɓa sayen wanda aka gauraya da wani mai, kuma in ba ka san man da ke tukunyarka ba lissafin soda ya tashi a banza. Na kira Bida, ta ce sai ta yi sabon aiki, in ba ta mako biyu.

Lambobin nan da na raba su suka cece ni yau. Ba sai na zauna ina zaɓen wa zan ɓata wa ba: 1 zuwa 40 suna nan a 17 ga Janairu, 41 zuwa 50 za su koma Asabar 31 ga Janairu. Jinkirin mako biyu ne, ya wuce mako gudan da na gindaya, don haka zaɓi nasu ne. Na kira su ɗaya bayan ɗaya, ban tura saƙo ba. Bakwai sun ce za su jira. Biyu sun karɓi kuɗinsu, na tura kafin La'asar daga aljihuna, kuma mutum biyu na farko a layin jira suka shiga gurbinsu bayan na faɗa musu sabuwar ranar. Ta goma ba ta ɗaga waya ba tukuna.

Kuɗin sabon man ma daga aljihuna ne. Farashin kowa yana nan yadda aka yi.

Laraba, 3 ga Disamba

Mai lamba 47 ta kira da kanta. Dattijuwa ce, ƙunshi biyu ta kama, 47 da wata lamba can baya, na kayan lefen ɗanta ne.

“'Yata, ba ga wasu nan kin yanka ba? Ki ba ni daga ciki mana, na ƙarasa shanya su a ɗakina.”

Na ce, “Hajiya, ranki ya daɗe, waɗannan suna da masu su. Kuma ko babu, in suka shiga akwati yanzu gumi za su yi, takarda ta manne, amarya ta buɗe ta ga abin kunya da sunana a jiki.”

Ta yi dariya ta ce lefen sai cikin Fabrairu kafin azumi, 31 ga Janairu ta yi mata. Da tun farko na tambayi kowa ranar da yake buƙatar kayan, da ban kwana biyu ina zullumin kiranta ba. A oda ta gaba wannan tambayar za ta shiga.

Maganarta ce ta sa zan faɗi abin da shanya ke yi, domin mutane da yawa sun ɗauka ana jira ne soda ta mutu. Soda tana gama aikinta cikin kwanakin farko. Abin da ake jira ruwa ne ya fita. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na sabon sabulu ruwa ne, kuma in aka yi wanka da shi haka, kwana kaɗan zai narke ya zama yauƙi a kwandon wanka. Wanda ya sha mako shida ya fi tauri, ya fi jimawa, kumfarsa ta fi laushi. Rana ba ta gaggauta shi, sai dai ta kore turare ta sa mai ya yi ɗoyi. Nawa suna jere a tsaye kan kantar katako a ɗakin baya, tsakanin kowanne da ɗan'uwansa faɗin yatsa, an yafa musu farin yadi saboda ƙura, ina juya su duk bayan kwana uku.

Alhamis, 18 ga Disamba

Mai ya iso Litinin, na zuba Talata, na yanka yau. Guda 56, ba rami ba tsatso. Mako shida daga yau 29 ga Janairu, don haka 31 tana nan daram.

Na farkon sun yi wani fari-fari a sama kamar an barbaɗa toka. Ƙanwata ta gani ta ce shi ke nan sun yi funfuna. Ba funfuna ba ce. Sodar da ke fuskar sabulu ce ta haɗu da iska tun yana ɗanye, ta zama wannan farar hoda, kuma ta fi fitowa lokacin sanyi. Ba ta ƙuna, wanka ɗaya ke tafiya da ita. Zan goge su da ɗanyen tsumma kafin naɗi don ido kawai.

Nauyin masu alama: 119 a mako na farko, 115 a na biyu, 113 a na uku. Iskar hunturu tana zuƙe ruwa da sauri. Da damina ba ya sauka haka, har wani lokaci sabulun yakan jawo laima ya yi raɓa a jiki, shi ya sa ban taɓa buɗe oda a Agusta ba.

Litinin, 5 ga Janairu, 2026

Masu alama sun cika mako shida: 112, sannan 111, yau ma 111. Nauyi ya tsaya, abin da nake jira ke nan. Na alƙawarta 105, akwai rarar giram shida. Takardar gwajin kaifin soda ta nuna tsakanin 9 da 10, daidai da sabulu, harshe kuma bai ji komai ba sai ɗacin sabulu. Na yi wanka da ɗaya kwana uku a jere, na ba maƙwabciyata ɗaya saboda fatarta ta fi tawa saurin nuna fushi. Ba ta dawo da ƙara ba.

Wata ta tambaya ko yana maganin ƙuraje da ƙyasbi, wai ta faɗa wa ƙawayenta. Na ce kada ta faɗa. Sabulun wanka ne, ban sa masa komai na magani ba, ban sa na bilicin ba.

Zubi na biyu da na huɗu suna bayan na farko da kwana biyu da kuma kwana shida. Ba zan naɗe kowa ba sai 11 ga wata.

Litinin, 12 ga Janairu

Na sanar da lamba 1 zuwa 40 jiya cewa kaya sun yi, su turo cikon 3,000. Daga jiyan mako biyunsu ya fara, zai ƙare 25 ga wata. Zuwa yanzu 26 sun cika. Lamba 41 zuwa 50 na ce kada su turo komai sai na kira, amma ɗaya ta turo duk da haka, ta ce tana tsoron kada ta kashe. Na rubuta a littafi da jan biro.

Naɗi da takarda muke yi, ba leda ba, don sabulu ya ci gaba da shan iska. A jikin kowanne akwai ranar da aka yanka shi da lambar zubi, in wani abu ya taso in san tukunyar da ya fito.

Asabar, 17 ga Janairu

Ƙunshi 31 sun fita yau. Na cikin gari 22, wasu sun aiko yara, wasu mai babur ya kai. Tara sun tafi tasha, na Kaduna da Zariya da Katsina, kowanne na ɗauki hoton kwali da lambar mota na tura wa mai shi. Wani direba ya so ya cusa kwalin ƙarƙashin jarkar fetur, sai da muka yi 'yar magana, domin sabulu yana ɗaukar warin abin da ya kwana kusa da shi.

Saura tara a ɗaki. Biyar sun biya ba su zo ba. Huɗu ba su cika ba tukuna, cikinsu har da yayata, wadda ta ce in cire daga bashin da take bina na atamfa. Na ce mata wannan littafi daban, wancan daban, kuma 25 ga wata ta shafe ta kamar kowa.

Na goman ƙarshe suna kan kanta, jibi Litinin zan auna su. A awon da ya wuce suna 113.